Hutu Ba Albashi: Yadda Na Sayi Kwana Takwas Don Ɗauko Iyalina Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, da yawa daga cikinmu matasa aiki yakan raba mu da garin da iyalinmu suke. Mutum ya samu aiki a Kano, matarsa da 'ya'yansa suna Sakkwato ko Gusau ko Kaduna, ya kama ɗaki ɗaya ya zauna, yana zuwa gida sau ɗaya a wata in hali ya yi. Ranar da ya yanke shawarar haɗa kan iyalinsa wuri guda, sai ya tarar kuɗin haya da kuɗin mota duk suna da hanyar samu, amma kwanakin da zai yi ƙaurar a cikinsu ba nasa ba ne, domin ya riga ya sayar da su ga wanda ya ɗauke shi aiki. A kan waɗannan kwanaki nake so mu tattauna yau, da yadda ake neman su ba tare da ƙarya ba kuma ba tare da an rasa aikin ba. Zan kafa misali da abin da ya gudana a kaina a shekarar 2025, don lissafin ya fito fili.

Na kama aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kano cikin watan Fabrairu na 2025. Uwargida da yara uku na bar su a unguwar Mabera a Sakkwato. Bayan wata shida aka tabbatar da ni a aikin, na kuma samu gida mai ɗaki biyu da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ba nisa da Titin Zariya da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Neman gidan, da ciniki da dillali, da biyan hayar shekara da la'ada, duk na gama su da yammaci bayan tashi daga aiki da kuma ranakun Asabar. Abin da ya rage shi ne ɗauko mutane da kaya, kuma ina so a gama kafin makarantu su koma a watan Satumba. Tsakanin Sakkwato da Kano tafiyar kusan yini guda ce, ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa, kuma hanya ce da mai hankali ba ya bin ta da dare saboda halin tsaro. Asabar da Lahadi ba za su isa ba.

Tambaya ta farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: shin wannan hutu haƙƙina ne ko alfarma ce? Amsar ita ke nuna irin harshen da za a yi magana da shi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, amma sai bayan ya yi wata 12 a jere yana aiki. Sashe na 16 kuma ya ba shi albashin kwanakin rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara, in likita mai rajista ya ba da shaida. Babu inda dokar ta ambaci hutu don ƙaura da iyali. Ƙari a kan haka, ma'aikacin da wannan doka take nufi bai haɗa da masu aikin shugabanci da gudanarwa da ƙwararru ba. Waɗannan takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin wurin aikinsu ne ke hukunci a kansu. Na buɗe tawa takardar na karanta. Hutun shekara yana nan, amma sai na cika shekara, wato Fabrairun 2026. Game da hutu ba albashi kuwa, layi ɗaya ne kacal, cewa shugabannin kamfani suna iya bayarwa in sun ga dama. Ke nan alfarma zan nema, kuma mai neman alfarma shi ke da nauyin sauƙaƙa wa wanda zai ba shi.

A nan ne abokan aiki suka fara kawo shawarwari, kuma na san kai ma za a kawo maka irinsu. Wani ya ce in samo takardar asibiti ta mako guda, albashina ya fito cif. Wani ya ce in ce an yi mini rasuwa a gida, ai ba mai hana mutum zuwa ta'aziyya. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ake biya don aikin da ya gama, kamar tela ko kafinta, wanda yake karɓar aikin mutane da yawa kuma lokacinsa nasa ne. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya ɗauka na wani ƙayyadajjen lokaci, kuma ladansa yana halatta ne saboda ya miƙa kansa ga aikin a wannan lokacin. Mai albashin wata yana cikin kashi na biyu. In ya janye kwanakinsa da ƙaryar ciwo, ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba, ya kuma jawo likita cikin shaidar zur. Da irin wannan kuɗi ne zai sayi buhun shinkafar farko na sabon gida? Hutu ba albashi shi ne mafita mai tsabta daga wannan: ka karɓi kwanakinka, ka bar musu kuɗinsu, kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Ko ta fuskar duniya ma ƙaryar ba ta da daɗewa, domin wanda ya ce yana kwance ba lafiya, sannan aka ga iyalinsa sun tare a Gyaɗi-Gyaɗi a makon, ya zubar da amincin da zai buƙata ranar da ciwon gaske ya zo.

Tun da saye zan yi, sai na zauna na ƙirga abin da nake bukata. Da farko mako biyu cur na ƙudurta, wato kwana 10 na aiki. Sai na ɗauki takarda na raba ayyukan gida biyu: waɗanda dole sai ranar da ofisoshi suke buɗe kuma dole sai ni da kaina, da waɗanda za a iya yi ranar Asabar da Lahadi ko wani ya yi a madadina. Ɗaure kaya a kwalaye da buhuna uwargida da ƙannenta sun ɗauke shi tun kafin in iso. Fenti da gyaran famfo na sabon gida an gama su ina wurin aiki. Da na cire waɗannan, ga yadda tsarin ya tsaya. Asabar 16 ga Agusta in tafi Sakkwato, Lahadi in duba kaya, waɗannan biyun kyauta ne. Litinin 18 ga wata in je makarantar yara in biya abin da ya rage, in karɓi sakamakonsu da takardar canjin makaranta. Talata in zauna da mai gidan haya, mu zagaya gidan tare, mu duba mitar wuta a gaban shaida don kada wani bashi ya biyo ni. Laraba ta bankwana ce da iyaye da surukai da maƙwabta. Alhamis a yi lodi, Juma'a da sassafe a kama hanya. Asabar da Lahadi a sauke kaya a jera. Litinin 25 ga wata in kai yara sabuwar makaranta a yi musu gwajin aji. Talata ta sha'anin wuta da ruwa ce da kai katin rigakafin ƙaramin yaro asibiti mafi kusa. Laraba 27 ga wata na bar ta babu komai a cikinta, ta ko-ta-kwana. Jimilla kwana 8 na aiki, a koma ranar Alhamis 28 ga Agusta.

Wataƙila wani ya ce ranar bankwana ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya san gidajenmu ba zai faɗi haka ba. Ka ɗauke 'yar mutane da jikokinsu zuwa wani gari ba tare da ka durƙusa gaban mahaifinta ka yi sallama ba, abu ne da za a daɗe ana tuna maka da shi. Wannan rana na sa ta cikin lissafi da gangan, kuma na biya kuɗinta da daɗin rai.

Sai maganar farashi, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki a ƙarshen wata. Albashina a lokacin naira 198,000 ne kafin a cire komai. Nawa ne kuɗin kwana ɗaya? Ya danganta da abin da aka raba albashin da shi. Wasu wuraren suna rabawa da 30, kwanakin wata gaba ɗaya, sai kwana ɗaya ya kama naira 6,600; amma su sukan ƙirga har da Asabar da Lahadin da suka faɗo a tsakiyar hutun. Daga 18 zuwa 27 ga Agusta kwana 10 ne a kalanda, ke nan za a yanke naira 66,000. Wasu kuma suna rabawa da 22, kwanakin aiki kawai, sai kwana ɗaya ya kama naira 9,000, a ninka da 8, a yanke naira 72,000. Duka hanyoyin biyu suna da hujja, kuma tazararsu ba ta da yawa. Abin da za ka sa wa ido shi ne a gauraya su, a ɗauki farashin kwanan aiki na 9,000 a ninka shi da kwana 10 na kalanda. Nan take kuɗin ya zama naira 90,000, an ci ka 18,000 a kan ranakun da dama ba ka aiki a cikinsu. Sau da yawa ba mugunta ba ce, takardar ce ta ce daga rana kaza zuwa rana kaza ba ta faɗi adadin kwanakin aiki ba, akanta kuma ya ƙirga da yatsa. Maganinsa shi ne ka rubuta adadin da kanka a cikin takardar nema. Na je wurin akantanmu tun kafin in rubuta komai na tambaye shi, ya ce da 22 suke rabawa. Na san ke nan naira 72,000 zan biya, kuma kwana biyun da na rage daga goman farko sun tsirar mini da naira 18,000.

Akwai tambayoyi biyu da na ƙara yi masa, kuma ina ba ka shawara ka yi su. Ta farko: a wane wata za a yanke? Ya ce suna rufe lissafin albashi a tsakiyar wata, don haka na Agusta zai fito cikakke, yankan sai a Satumba. Da ban tambaya ba, da na ga albashin Agusta ya shigo lafiya na saki jiki, sannan gibin ya same ni daidai lokacin biyan kuɗin makaranta da sayen kayan makaranta na yara biyu. Saboda haka na roƙi a raba yankan biyu, naira 36,000 a Satumba, 36,000 a Oktoba. Ta biyu: me zai ragu tare da albashin, me kuma ba zai ragu ba? Kuɗin fansho, wanda dokar 2014 ta sa aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, yana bin abin da aka biya ne, don haka yakan ɗan ragu a watan. Amma bashin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata da zubin adashi ba su san ka yi hutu ba, cif za su fita. Wanda yake da irin waɗannan a wuyansa ya lissafa abin da zai rage masa a hannu, kada ya tsaya a kan abin da za a yanke kawai.

Da lissafi ya kammala sai na nemi ganin shugaban sashenmu, saura mako huɗu tafiyar. Ban fara da takarda ba, domin babba ba ya son ya fara jin labarin yaronsa daga sashen kula da ma'aikata. Na zaɓi safiyar Talata, ba ƙarshen wata ba, lokacin da ba a cikin hayaniya. Bayan gaisuwa na ce, “Yallaɓai, wata alfarma na zo nema. Iyalina suna Sakkwato tun da na kama aiki, yanzu Allah Ya hore mini gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ina so in ɗauko su kafin a koma makaranta. Hutun shekarata bai kai ba, shi ya sa nake roƙon kwana takwas ba albashi, daga 18 zuwa 27 ga Agusta.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “To Malam, rahoton ƙarshen wata fa, wa zai haɗa?” Wannan ita ce ainihin damuwarsa, kuma na zo da amsarta. Na ce masa na riga na yi magana da abokin aikina ya yarda zai riƙe ayyukan yau da kullum, ni kuma zan riƙe nasa in ya tafi hutunsa a Disamba. Rahoton kuwa zan haɗa rabinsa kafin in tafi, in ƙarasa ranar 28 da 29, tun da na zaɓi dawowa kafin wata ya ƙare saboda shi. Ya tambaya ko kwana biyar ba za su isa ba. Na nuna masa takardar tsarin kwanakin ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga kowace rana da aikinta, sai ya ce in rubuto.

Ka lura da wani abu, ya ɗan'uwa. Mai gida a wurin aiki yana jin kalmar ƙaura, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ko wannan yaro shirin barin aiki yake yi. A nawa lamarin ƙaurar ta zo da kwanciyar hankali gare su, domin wanda ya kawo iyalinsa Kano ya biya hayar shekara ya nuna zama ya zo yi, kuma tafiye-tafiyen ƙarshen mako da makarar safiyar Litinin sun ƙare. Na faɗa masa haka a fili. Wanda kuwa iyalinsa zai kai wani gari shi ya dawo, ya fi ni bukatar ya bayyana dalili da tabbacin dawowarsa. In kuma a zuciyarsa ya san ba dawowa zai yi ba, to kada ya fake da hutu. Ya ba da sanarwar ajiye aiki kamar yadda yarjejeniyarsa ta tanada, a rabu da mutunci.

Takardar da na rubuta ba ta kai rabin shafi ba. Ta ƙunshi dalili a jimla ɗaya, ranar farawa da ranar ƙarshe, adadin kwanakin aiki a rubuce da lamba, ranar da zan dawo bakin aiki, sunan wanda zai riƙe mini, amincewata a yanke kuɗin kwana 8 bisa rabon 22, da roƙon a raba yankan wata biyu. Na kuma nemi a tabbatar cewa hutun ba zai katse lissafin wata 12 na hutun shekarata ba. Shugaban sashe ya sa hannu, sashen kula da ma'aikata suka ba ni amsa a rubuce, na ajiye kwafi a gida na kuma ɗauki hotonsa a waya. Kada ka kama hanya da “je ka, ba komai” na baki kawai. Wanda ya faɗa maka yana iya tafiya taro ko a canza masa wurin aiki, kuma a kundin ƙa'idojinmu rashin zuwa aiki kwana uku a jere ba izini yana daidai da gudun aiki. Takarda ce kawai take bambanta mai hutu da wanda ya gudu.

Ranar ko-ta-kwana kuwa ta yi amfaninta. Agusta tsakiyar damina ce. Mun yi lodi ranar Alhamis, muka lulluɓe katifu da kujeru da tamfol biyu, motar kaya ta tashi bayan sallar asuba ranar Juma'a da ƙanina a ciki, mu kuma muka biyo a ƙaramar mota muka iso Kano da la'asar. Motar kayan ta samu matsala kafin Funtuwa, da ƙyar ta lallaɓa ta shiga gari, aka kwana ana neman kayan gyara, ba ta iso Gyaɗi-Gyaɗi ba sai yammacin Lahadi. Kwana biyu muka yi a kan tabarmi, maƙwabtan da ba su taɓa ganinmu ba suna aiko mana da abinci, Allah Ya saka musu da alheri. Sauke kaya da jera su ya cinye Litinin, makaranta ta koma Talata, wuta da asibiti suka koma Laraba. Komai ya matsa da kwana ɗaya, ya zauna daidai cikin ranar da na bari fanko. Da kwana bakwai na nema don in tsirar da naira 9,000, da sai na buga waya ina neman ƙari, kuma ƙarin da aka nema daga nesa ya fi na farko wuyar samu da zubar da daraja.

Ranar Alhamis 28 ga Agusta na isa ofis kafin ƙarfe takwas. Na fara zuwa wurin shugaban sashe na yi godiya, na sa hannu a takardar dawowa aiki, na karɓi ayyukana daga abokina. A ƙarshen Satumba na duba takardar albashi na ga 36,000 aka yanke, haka ma a Oktoba, ba ƙari ba ragi. Cika alkawarin ranar dawowa wajibi ne a kanka, kuma amfaninsa bai tsaya a kanka kaɗai ba, domin alfarmar da aka yi maka da ita za a auna na bayanka. In ka dawo a kan lokaci ka buɗe masa ƙofa, in ka saɓa ka rufe ta.

In kuma an hana ka fa? Yana iya faruwa, kuma ba zalunci ba ne tun da ba haƙƙi ba ne. Kana iya roƙon a ba ka wani ɓangare na hutun shekara tun kafin lokacinsa a cire daga baya, ko ka raba ƙaurar gida biyu, Juma'a da Litinin a haɗa da ƙarshen mako sau biyu, kaya a zuwan farko, iyali a na biyu. Kana iya jiran hutun makaranta na Disamba. Duk waɗannan sun fi takardar asibitin ƙarya, ko da sun fi ta wahala.

Allah Ya sanya albarka a cikin abin da muke samu, Ya haɗa kan kowane magidanci da iyalinsa cikin aminci, Ya kiyaye matafiya a kan hanyoyinmu.